Na yi cinikin gida, lauya ya ce da saura: harajin hatimi da kuɗin rajista

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi cinikin gida a Kano a kan naira miliyan 30. Na ba da kafin alƙalami na miliyan 10, saura sai ƙarshen wata. Gidan yana da satifiket, amma da sunan wanda ya fara mallakarsa. Lauyana ya ce in tanadi kusan miliyan biyu da rabi na harajin hatimi da rajista da sa hannun gwamna. Dillali kuma ya ce asarar kuɗi ce, takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa sun isa, in kuma na nace, a rubuta miliyan 15 a takarda don kuɗin ya ragu. Wanne zan bi? Daga wani ma'aikaci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bi maganar lauyanka, kuma ka gode wa Allah da har yanzu miliyan 20 tana hannunka, domin da ita za ka gyara wannan ciniki.

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar da ke cikin kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, satifiket kuma shaidar wannan izini ce. Sashe na 22 na dokar ya hana mai satifiket sayarwa ko jinginarwa ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar gida ta rushe saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Sa hannun mai unguwa yana da amfaninsa, yana nuna unguwa ta san an yi ciniki kuma ba a ji wani ya ɗaga murya ba. Amma ba ya sauya sunan da ke cikin fayil ɗin gwamnati. Muddin ba a sauya ba, a idon ma'aikatar ƙasa gidan na mutumin farko ne, ko da ka shekara ashirin a ciki.

Kuɗin da lauya ya dunƙule maka ba abu ɗaya ba ne, kuma ba aljihu ɗaya yake shiga ba. Harajin hatimi haraji ne a kan takardar kanta, wato takardar miƙa mallaka da lauya zai rubuta tsakaninka da mai sayarwa. Idan ku biyun mutane ne, hukumar tara haraji ta jiha ce ke karɓa. Idan ɗayanku kamfani ne, sai ya koma hukumar haraji ta tarayya, wadda a da ake kira FIRS. Dokar tarayya ta sa kashi 1.5 cikin 100 na darajar dukiyar, kuma ana so a buga hatimin cikin kwana 30 daga ranar sa hannu. Wanda ya wuce lokaci zai biya da tara. Takardar da ba ta da hatimi kuwa, lauyan abokin shari'arka zai iya tsayawa ya hana kotu karɓarta a matsayin shaida, ofishin rajista ma ba zai karɓe ta ba.

Kuɗin rajista shi ne na shigar da takardar cikin kundin filaye na jiha. A Kano fayilolin suna bi ta KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye, da ma'aikatar ƙasa, a Kaduna KADGIS, a Abuja kuma AGIS, inda ministan birnin tarayya yake a madadin gwamna. Kowace jiha ita ke yanka nata farashi na rajista da na amincewar gwamna, tana kuma sauya shi. Legas, alal misali, ta sauko da jimillar kuɗin daga kashi 13 zuwa kashi 3 cikin 100 a 2015. Saboda haka abin da abokinka ya biya a wata jiha, ko a Kano ɗin ma shekaru biyar da suka wuce, ba ma'auni ba ne. Ka sa lauya ya kawo maka jadawalin da ake aiki da shi yau, a rubuce.

Inda kuɗin yake ɓuya shi ne a kan wane adadi ake lissafin kason. Yawancin masu saye suna ɗauka a kan kuɗin da suka biya ne. Gwamnati kuwa tana da nata jami'an ƙiyasi, su ke duba unguwa da girman fili da irin ginin, su yanka wa gidan daraja, a kanta za a fitar maka da takardar biya. Mu ƙaddara sun ƙiyasta gidanka miliyan 36. Harajin hatimi na kashi 1.5 zai kama 540,000. Mu ƙaddara kuma, don misali kawai, rajista da amincewar gwamna sun haɗu sun zama kashi 3, wato 1,080,000. Jimilla 1,620,000. Da a kan miliyan 30 ɗinka aka lissafa, 1,350,000 za ta kama, to ka ga 270,000 ta ƙaru ba tare da an sauya kaso ko ɗaya ba. Sai kuɗin hayar ƙasa da mai satifiket yake biya duk shekara, wanda mutane da yawa ba sa biya. Idan ana bin gidan bashin shekara takwas a kan 25,000, wata 200,000 ce, kuma fayil ba zai motsa ba sai an biya. Ka ɗora kuɗin binciken fayil da na fom da ladan lauya, sai ka ga miliyan biyu da rabin da aka faɗa maka ba ta yi nisa da gaskiya ba. Duk da haka kana da haƙƙin a rarrabe maka: nawa ne na gwamnati, nawa ne na lauya. Na gwamnati ka biya shi ta banki cikin asusun gwamnati, rasit ya fito da lambar fayil ɗin gidan. Kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a harabar ofis don ya biya maka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne sunan da ke kan satifiket. Wanda yake sayar maka ba shi ne mai sunan ba, ma'ana shi ma da ya saya bai yi rajista ba, watakila irin shawarar da dillali yake ba ka aka ba shi. Gwamna ba zai amince wa mutum ya miƙa maka abin da a fayil ba nasa ba ne. Don haka ko dai a fara kammala cinikin baya, a biya hatiminsa da tararsa da rajistarsa, sannan a zo kan naka, kuɗin ya kusa ninkawa ke nan, ko kuma a nemo mai sunan ya sa hannu. Idan yana raye kuma ana ga maciji da shi, da sauƙi. Idan ya rasu, magana ta koma kan magada da takardar rabon gado daga kotu, kuma ya isa a samu magaji ɗaya da zai ce bai san an sayar ba, ka shiga shekaru kana zirga-zirga. Wannan nauyi na mai sayarwa ne. Idan ka cika masa kuɗinsa kafin a warware, ya dawo kanka.

To ga amfanin miliyan 20 ɗin. Kafin ka ƙara ko sisi, lauya ya je ya binciki fayil: sunan wa ke ciki, akwai jingina a banki, akwai ƙorafi ko umarnin kotu, nawa ake bi na hayar ƙasa. Daga nan ku zauna da mai sayarwa a rubuta cewa bashin hayar ƙasa da kuɗin gyara cinikin baya za a cire su daga cikon kuɗinsa. Harajin ribar sayarwa ma a doka a kan mai sayarwa yake, amma da yake mai saye ne ke bin fayil, sau da yawa shi ake bari da shi, don haka a ambace shi a yarjejeniyar. Ka riƙe wani abu mai kauri, ko miliyan uku ce, har sai an sa hannu a takardar neman amincewar gwamna kuma ainihin satifiket ya shigo hannunka. Mutum yana ɗaga waya da sauri matuƙar kuɗinsa na wajenka.

Maganar rubuta miliyan 15 kuwa, kada ka yarda. Ƙarya ce a takardar da za ka sa wa hannu, laifi ne a dokar haraji, kuma da wuya ta rage maka komai tunda ƙiyasin gwamnati ake bi. Sannan kai za ta cuta. Idan ciniki ya rushe ka je neman kuɗinka, takardar da ke hannunka tana cewa rabin abin da ka bayar ka biya. Ranar da za ka sayar kuma, ribar da za a lissafa maka haraji a kanta za ta fara ne daga miliyan 15. Dillali zai karɓi la'adarsa a kan miliyan 30 cif, kuma ba ya cikin waɗanda za a kira kotu.

Za ka gane an gama aiki idan takardar miƙa mallaka ta dawo maka da shafin amincewa ɗauke da sa hannun gwamna ko kwamishinan da ya wakilta, da hatimin haraji, da lambar rajista mai nuna lamba da shafi da kundi. Bayan haka ka sake biyan kuɗin bincike, ƙanƙani ne, ka ga sunanka a fayil da idonka.

Tambaya: Ni a Abuja na sayi fili, aka ba ni takardar wakilci da ba a iya sokewa, aka ce ta fi arha kuma ta wadatar. Haka ne? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Hajiya, arha kam ta fi, shi ya sa ta yaɗu a Abuja. Amma takardar wakilci izini ce ta yin abu a madadin mai fili. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa ita kaɗai ba ta miƙa mallaka. Idan kin biya kuɗi kin kuma shiga filin kina da wani haƙƙi da kotu za ta duba, sai dai yana iya faɗuwa a gaban wanda ya saya bayanki da zuciya ɗaya, bai san da ke ba, ya riga ki yin rajista. Fili da ba gini ya fi shiga wannan haɗari, don babu abin da zai nuna wa mai zuwa cewa an riga an saya. Ki yi rajistar takardar wakilcin a AGIS in ba a yi ba, ki katange filin, sannan tun mai sayarwa yana kusa ki sa lauya ya shirya takardar miƙa mallaka ya sa mata hannu, a nemi amincewar minista, a biya hatimi da rajista.