Tumunin da ya koma ɗaya bisa tara

Malama, Allah ya jiƙan maigidanki. Kin ce ya bar ki da 'ya'ya mata biyu da iyayensa, kuma da aka zo rabo an ba ki 300,000 cikin 2,700,000, alhali tumuninki, wato ɗaya bisa takwas, ya kamata ya kai 337,500. Bisa abin da kika rubuto, in babu wani magajin da ba ki ambata ba, ban ga alamar an zalunce ki ba.

Mu lissafa. Ke kina da tumuni, 'yan matan biyu suna da kashi biyu bisa uku, uba da uwa kowanne yana da sudusi, wato ɗaya bisa shida. Asalin mas'alar 24 ne, wato gida 24 ake raba dukiyar: ke 3, 'yan matan 16, uba 4, uwa 4. In aka haɗa, 27 ke nan. Da za a ba kowa rabonsa cikakke, sai an samu 3,037,500, kuɗin kuwa ba su kai ba. Wanda duk aka cika wa nasa, daga na wani aka ɗiba.

Maganin wannan shi malamai ke kira auli. Sai a raba dukiyar gida 27 maimakon 24, kowa ya riƙe adadin kasonsa, amma kason ya ɗan ƙanƙance, ya zama 100,000. Ke 300,000, kowace yarinya 800,000 maimakon 900,000, iyayen kowanne 400,000 maimakon 450,000. Kowa ya rasa ɗaya bisa tara na rabonsa. Tun zamanin Sayyidina Umar ake bin wannan hanya, kuma a kanta mazhabobi huɗu suke, duk da an ruwaito saɓanin Ibn Abbas. Taki mas'alar ma tana da suna, Minbariyya, domin an ruwaito cewa a kan mumbari aka tambayi Sayyidina Ali, ya ce tumuninta ya koma ɗaya bisa tara. Da akwai ɗa namiji, da ba a shiga auli ba.

Abin da zan so ki duba shi ne ko ragin ya shafi kowa. In iyayen sun karɓi 450,000 kowanne, to akwai magana. Haka in kina bin marigayin ragowar sadaki ko wani bashi, wannan ana fitar da shi ne kafin rabo, tare da kuɗin jana'iza da wasiyya, sai dai za a nemi shaida.

Ƙanin mijinki da ya ce ki yi shiru kawai bai kyauta ba, balle shi ba magaji ba ne tunda uba yana raye. Kina da ikon ganin lissafin a rubuce. Duk da haka ba zan ba ki shawarar garzayawa kotu kan 37,500 ɗin nan ba, don da wuya alƙali ya sauya lissafin, ga ɗawainiya, ga zumuncin yara da kakanninsu. Ki nemi a zauna da malamin da ya san gado, a kawo takardar rabon, a bi ta layi-layi a gabanki.