Saƙonnin imel ɗin kamfanina suna faɗawa `Spam`: in saka `+all`?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi domen na kamfanina, na buɗe imel da shi a Google Workspace. Saƙo yana shigo mini lafiya lau, amma wanda na aika sai ya faɗa `Spam`, har wani babban ciniki ya kusa kuɓuce mini. Wanda ya gina mana shafi ya ce in ƙara wani layin SPF mai `+all` a ƙarshe, komai zai wuce. Hankalina a tashe yake. In saka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka saka, ɗan'uwa. In ma an riga an saka, a goge shi yau.

Shigowar saƙo ta nuna cewa layinka na MX daidai yake, wato `smtp.google.com`, amma aikinsa karɓa ne kawai. Yarda da saƙon da ka aika kuwa tana rataye ne a kan layuka uku na TXT da ke cikin DNS ɗinka, wato kundin saitin domen ɗinka: SPF, DKIM da DMARC. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar kowane mai aikawa ya samu aƙalla SPF ko DKIM, mai aika saƙo 5,000 a rana kuma sai ya cika duka ukun.

Wannan shawara ta `+all` kullum sai na ci karo da ita, kuma tana ɓata mini rai ƙwarai. SPF jerin sunaye ne na uwayen garken da ka yarje wa su aika saƙo da sunan domen ɗinka. Kalmar ƙarshe ita ke faɗin hukuncin wanda ba ya cikin jerin: `-all` na nufin a ƙi shi, `~all` a yi masa kallon tuhuma, `+all` kuwa kowa a duniya na da izini. Kamar ka ajiye hatimin kamfaninka ne a bakin titi. Ɗan damfara zai aika wa abokin cinikinka takardar neman biya da adireshinka, ya canza lambar asusu, gwajin SPF kuma ya ce saƙon halastacce ne, domin kai da hannunka ka rubuta hakan. Masu irin wannan gyara suna ganin `PASS` ya fito sai su karɓi kuɗinsu su yi gaba, alhali sun cire makulli ne don ƙofa ta daina gardama. Kuma ko biyan buƙatar ba ya yi, tunda wasu matatun saƙo suna ƙara zargin domen da ya buɗe wa kowa ƙofa.

Ga kuskure na biyu a cikin maganar tasa: “ƙara wani layi”. Suna ɗaya, layin SPF ɗaya tak. In sun zama biyu, sakamakon `permerror` ne, dukansu sun tashi a banza. Naka ya kasance haka:

```
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
```

Idan akwai wata manhaja da ke aika rasit ko sanarwa da sunanka, a cikin wannan layin za ka ƙara nata `include:`, kafin `~all`. Ka lura dai, binciken DNS da layin ke jawowa bai kamata ya wuce 10 ba, in ya wuce kuskuren nan ne zai sake fitowa.

Inda na fi zargi a matsalarka shi ne DKIM, wato sa hannun da ke tabbatar da cewa saƙon daga domen ɗinka ya fito. Shiga shafin gudanarwa na Workspace, a saitin Gmail ka nemi `Authenticate email`, ka samar da makulli mai tsawon bit 2048, ka liƙa shi a DNS a matsayin TXT da sunan `google._domainkey`. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Dole ka koma ka danna `Start authentication`, in ba haka ba saƙonka ba zai ɗauki sa hannun domen ɗinka ba. Canjin DNS kan iya kai awa 48 kafin ya bazu, saboda haka in ya ƙi a karon farko ka jira, kada ka shiga goge-goge.

Sai DMARC, wanda ke faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da bai ci gwajin SPF da DKIM ba. Ka saka shi da sunan `_dmarc`, ka musanya `example.com` da naka:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:rahoto@example.com
```

Ka tabbata adireshin rahoton yana aiki. Bar shi a `p=none`, wato sa ido kawai ba hukunci, na wasu makonni kana duba rahotannin, in ka ga duk saƙonninka na gaskiya suna wucewa ka mayar da shi `p=quarantine`, wato a jefa saƙon da bai ci gwaji ba cikin `Spam`.

Gwaji kuwa ba ya buƙatar ka biya kowa. Aika saƙo zuwa wani akwatin Gmail, ka buɗe shi a kwamfuta, ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi `Show original`. SPF, DKIM da DMARC su nuna `PASS`, kuma domen da ke gaban DKIM ya zama naka. In duka sun yi amma har yanzu wasu saƙonni na faɗawa `Spam`, wataƙila don domen ɗin sabo ne, ba a san halinsa ba tukuna. Ka riƙa aika kaɗan-kaɗan ga waɗanda suka san ka, ka roƙe su su danna `Not spam` su kuma amsa maka.

Kafin ka taɓa komai a DNS, ka tabbatar asusun da aka yi rajistar domen ɗin da sunanka yake, kalmar sirri kuma tana hannunka, domin duk mai riƙe da shi na iya karkatar da MX ya kwashe saƙonninka.