Kilo 10 kafin biki: amsar Anti a zauren matan Aboabo

"Anti, saura mako 4 bikin ƙanena, ina so in rage kilo 10. Idan na daina cin komai sai kokon safe da shayin rage ƙiba, zai yiwu?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na fahimci ɗinkin biki ne yake damunki, amma bari mu yi lissafi tukuna. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kusan 7,700, saboda haka kilo 10 ya kama 77,000, kuma idan kika raba shi a kwana 28 za ki ga sai kin rage kalori 2,750 kowace rana, alhali yawancin mata abin da jikinsu yake ƙonawa a yini bai wuce wajen 2,000 ba. Ko ruwa kaɗai kike sha, lissafin ba zai cika ba.

Abin da likitoci suke ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, wanda ake samu ta hanyar rage kalori kamar 500 zuwa 1,000 a rana. Ke nan kafin bikin ki sa ran kilo 2 zuwa 4. Ki rage malmalar tuwo, ki rage shinkafa da wake da taliyar da ake ɗora mata, ki bar lemon kwalba da sukarin koko, amma kada ki rage kifi da ƙwai da miyar ayoyo, sannan ki riƙa tafiyar minti 30.

Ni kaina na taɓa yin abin da kike shirin yi. A makon farko ma'auni ya nuna na sauke kilo 3, na yi ta murna, ashe yawancinsa ruwa ne, domin sukarin da jiki yake adanawa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa ninki uku na nauyinsa, idan ya ƙare ruwan sai ya bi shi. Daga nan jiki ya fara cin tsokarsa, ya rage ƙona abinci, yunwa kuma ta ƙaru har ina tashi cikin dare neman burodi. Bayan wata 3 gashina ya fara zuba, nauyin kuwa ya dawo har da ƙari.

Shayin kuma, wanda na saya a hannun wata mai talla a kasuwa, zawo kawai ya sa ni kwana 4, na kasa tsayuwar salla saboda jiri, da na koma mata sai ta ce wai kitsen ne yake fita. Kitse ba ya fita ta bayan gida, ruwan jikinki da gishirinsa ne suke tafiya.

Na manta ban faɗa ba, ramewa da sauri tana iya haifar da tsakuwa a matsarmama. Kuma in gyara maganata, idan kina shan maganin ciwon sukari ko kina shayarwa, kada ki rage ko da 500 ɗin sai kin ga likita. Shi kuma tela, ki gaya masa ya bar wurin sassautawa a rigar.