Hukuncin gyara gira da rina ta ba tare da sauya kwanciyar gashi ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata yi wa amare kwalliya ce a Kano. Tun da na ji hadisin tsinuwa na daina sa reza a girar kowa. Yanzu taje girar nake yi yadda gashin ya kwanta, in rufe gashin da ya fita layi da konsila ko in yi masa bilicin ya saje da fata, sannan in cike inda ya yi ƙaranci da jagira ko lalle, ina jan layi siri-siri kamar gashi. Wasu kuma suna neman zanen allura da ake kira maikurobiledin, wai shi ma bin gashin yake yi. Tunda ba na sauya yadda Allah ya kwantar da gashin, duka sun halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arki albarka, 'yar'uwa. Bin kwanciyar gashi gwanintar aiki ce, ita ke sa gira ta fito kamar ba a taɓa ta ba, amma ba a kanta hukunci ya rataya ba. Abin da shari'a take dubawa shi ne: an cire gashi? An huda fata? Ruwan alwala yana isa inda ya kamata?

Tushen mas'alar hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Allah ya la'anci masu yin jarfa da masu neman a yi musu, da masu tsige gashin fuska, da masu yin wushirya don ado, masu sauya halittar Allah. Wata mata daga Banu Asad, Ummu Ya'aƙub, ta zo ta ce masa ta karance Alƙur'ani ba ta ga wannan ba, sai ya karanta mata aya ta 7 ta Suratul Hashri: abin da Manzo ya zo muku da shi ku karɓa, abin da ya hana ku ku bari. Abu Dawud ya bayyana mai tsigewar da cewa ita ce wadda take fige gira har ta sirantar da ita.

Ba zan ɓoye miki saɓanin da ke nan ba. An ruwaito daga Imam Ahmad cewa ya sassauta a kan askewa, domin nassin a kan tsigewa ya zo. Wasu daga malamanmu na Malikiyya da suka yi sharhin Risala, kamar Nafarawi, sun ɗora hanin a kan matar da aka hana wa ado, irin mai takaba. Sai dai hadisin bai ware wata mace ba, kuma ya faɗi dalilinsa a fili, wato sauya halitta don neman kyau. Wannan dalilin yana nan ko da matsefata aka yi aikin, ko zare, ko reza. Abin da nake ba da fatawa da shi ke nan: ba a rage gira don a ba ta wata siffa. Gashin da ya yi tsawo har yana shiga ido kuwa a datse iya abin da ke cutarwa, wannan gusar da cuta ne.

Taje gira halal ne ba wani kokwanto. Gashin gira ba gefe ɗaya yake kallo ba: na kusa da hanci sama yake miƙewa, na tsakiya ya karkata zuwa kunne, na wutsiya ya sunkuyo ƙasa. Idan kika bi shi da ɗan buroshi a haka, sannan kika ja layukan jagira a gurbin da babu gashi, ba ki cire komai ba, kuma ruwa da sabulu za su tafi da abin da kika ƙara. Hukuncinsa hukuncin kwalli ne. Ko da kin taje gashin duka ya kalli sama, kin saɓa wa kwanciyarsa, ba ki shiga tsinuwar hadisin ba. Kin ga ashe kwanciyar gashi ba ita ce ma'auni ba.

Rini ma asalinsa halacci ne. Ibnu Abi Zaid ya ce a Risala rina gashi da baƙi makaruhi ne ba haram ba, kuma babu laifi a yi da lalle da katam, wani tsiro da ake rina gashi da shi. Wasu malaman, kamar Nawawi, sun tsananta saboda hadisin Jabir a Sahihu Muslim, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a sauya furfurar Abu Ƙuhafa amma a nisanci baƙi. Idan girar mai furfura ce, ki zaɓi launin ƙasa mai duhu, kin fita daga saɓani. Ki kuma kula da baƙin lallen kanti, domin da yawansa akwai sinadarin rinin gashi a ciki mai kumbura fatar wasu, ga shi gira maƙwabciyar ido ce. A gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, sa shi ya haramta gare ta saboda cutarwa.

Inda malaman zamani suka fi jayayya shi ne bilicin ɗin gefen gira. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya hana, yana ganin dabara ce ta isa ga siffar tsigewa ta bayan gida. Shaihu Ibnu Usaimin ya halatta, domin a wurinsa launi ne aka sauya, gashin yana nan daram. Ni na fi karkata ga halacci: hadisin ya ambaci aiki sananne, wato cirewa, kuma ba a faɗaɗa tsinuwa da ƙiyasi sai da hujja mai ƙarfi. Amma idan za a dusashe rabin girar har ta koma kamar zare, duk wanda ya gani ya ɗauka figaggiya ce, barinsa ya fi tsira. Konsila ta fi sauƙi, tunda ranar take wankewa.

Zanen allura kuwa, a nan ne hujjar bin gashi ta fi ruɗar mutane. Mai yin sa tana tsaga fata da jerin ƙananan allurai, ta cusa launi a cikin tsagar, layi-layi kamar gashi. Jarfa da malamai suka siffanta ita ce a soka allura a fata sannan a cike gurbin da kwalli ko makamancinsa, kuma wannan ɗin ke nan, sai dai hannun ya fi ƙwarewa. Dusashewar da yake yi bayan shekara ɗaya zuwa uku ba ta fitar da shi daga jarfa, tunda launin a cikin fata yake zaune. Kada ki yi, kada ki tura wata a yi mata. Wadda ƙuna ko rashin lafiya ta zubar mata da gira, mas'alarta ta magani ce da mayar da halitta yadda take, sai ta kai wa malami bayanin likita a duba halinta.

Saura alwala, wadda amare suka fi sakaci da ita. Lalle launi kawai yake bari bayan an wanke shi, ba ya hana ruwa. Amma gam da kakin da ake danne gira da su, da jagirar da aka yi don kada ruwa ya kama ta, suna yin ɓawo a kan gashi da fata, kuma gira tana cikin fuskar da wanke ta farilla ne. Ki ɗiga ruwa ki gani: idan ya mirgine ya bar wurin a bushe, an bar lam'a. Ki ce wa amarya ta yi alwala kafin ta zauna a kujerarki, in alwalar ta karye kuma sai ta goge kwalliyar kafin ta sake wata. Mai takaba ba a yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ta cika wata huɗu da kwana goma, mai juna biyu kuma sai ta haihu. Allah ne mafi sani.