Fuskar da ta yi kyau a allo, ta fito da duhu a takarda

"Maigida, hoton mutumin nan mai farar riga, jiya da dare na gyara shi har na ga fuskar ta yi ras a allona. Da aka buga shi yau sai ga fuskar ta dushe, da ƙyar ake ganin idanunsa. Ni ina na yi kuskure?"

Jawo kujera ka zauna, ɗana, mu buɗe shi tare a Photoshop. Da dare ka yi aikin, ɗaki da duhu, allonka kuma ka ƙure masa haske. Ido yana sabawa da duk hasken da ya tarar: minti biyu kana kallon fuska mai duhu a allo mai ƙyalli, sai ta koma maka daidai. Takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta, abin da ke cikin hoton shi za ta nuna. Shi ya sa kafin in taɓa fuska nake fara tambayar lamba.

Buɗe Histogram. Wannan layin na ƙasa ma'aunin haske ne, daga 0 a hagu, wato baƙi ƙirin, zuwa 255 a dama, fari fat. Tsayin tudun a kowane wuri yana gaya maka yawan ɗigon hoton da ke da wannan hasken. Dubi naka: ga wani ƙaton tudu a dama, wajen 230 zuwa 245, ga kuma ɗan ƙarami can hagu. Da yawa daga cikin masu koyo suna ganin wannan sai su ce ai hoton ya sami haske har ya yi yawa. Amma ƙaton tudun nan riga ce da farin bango. Su ne ma suka ruɗi kyamara tun wajen ɗauka: ta ga fari ya cika mata gaba, sai ta rage haske, fuskar ta tafi da shi. Histogram yana ƙirga ɗigo ne kawai, bai san inda fuska take ba.

Don haka sai ka ware masa ita. Ɗauki Lasso ka zagaye fatar fuskar kaɗai, ban da gashi, ban da wuyan riga, ka sa Channel a kan Luminosity. Ka gani? Ƙaton tudun ya ɓace, abin da ya rage ya taru tsakanin 35 da 80, da ɗan siririn jela da ya miƙa zuwa 150, wanda shi ne sheƙin goshi da karan hanci. Kusan duk fuskar tana zaune a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ma'aunin. Ga duhun da takarda ta nuna maka.

Yanzu mu auna wuri guda. Danna F8 ka fito da Info, ka ɗauki Color Sampler Tool, ka sa Sample Size a kan 11 by 11 Average. Kada ka bar shi a Point Sample, domin ɗigo ɗaya zai iya faɗawa kan ramin gashi ko tabo ya ba ka lambar ƙarya. Ajiye shi a kuncin da haske ya fi sauka, ƙasa da ido kaɗan, inda babu sheƙi kuma babu inuwa. Nan nake aunawa kullum, don in iya kwatanta hoton yau da na jiya. Ya ba mu R 84, G 58, B 46. Idan aka haɗa su yadda ido ke jin nauyinsu, kore ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kusan 59 cikin ɗari, ja 30, shuɗi 11, sai hasken kuncin ya kama kusan 65.

To nawa ya kamata ya zama? A nan nake so ka saurare ni da kyau, domin babu lamba ɗaya ta fatar mutum. Mai hasken fata kuncinsa zai iya kai 180 ko fiye, wankan tarwaɗa ya sauko ƙasa da haka sosai, baƙin mutum ya fi sauka. Wanda ya ja kowace fuska zuwa lamba guda zai mayar da baƙin mutum toka-toka, ya kawo wa iyalinsa hoton wani daban, kuma wannan abu yana ɓata mini rai duk lokacin da na gan shi. Mutumin nan na gan shi da idona, kuma ina da hotunan masu irin fatarsa da na buga suka fito daidai, kuncinsu wajen 90 yake tsayawa. Kai ma ka fara tara irin waɗannan, ka rubuta lambar kowanne a bayan takardar.

Fara cire zagayen Lasso da Ctrl+D, sannan ka sa Curves, amma a matsayin Adjustment Layer, don ka iya dawowa ka gyara. Wannan miƙaƙƙen layin da ya tashi daga kusurwa zuwa kusurwa yana nufin ba a canza komai ba: abin da ya shiga shi ya fita. Kafa ɗigo a kan layin, ka rubuta 65 a Input, 90 a Output. Duba Info: kuncin ya koma wajen R 112, G 82, B 66. Ja yana sama, kore na bi masa, shuɗi na ƙasa, haka fata take, kuma in ka ga wannan jerin ya birkice to launi ya gurɓace.

Amma kalli abin da ya faru da riga. Layin ya kumbura gaba ɗaya, ya tura 240 zuwa wajen 245, tudun dama ya matsa kusa da bango. Duk abin da ya kai 255 ya ƙone, saƙar yadin da ɗinkin sun tafi, takarda za ta fito fara kawai a wurin. Riƙe Alt ka taɓa farin maɓallin da ke ƙasan dama, zai nuna maka wuraren da suka ƙone. Magani shi ne ɗigo na biyu a sama, Input 235, Output 237, ya riƙe rigar a inda take. Sai dai ka lura layin ya ɗan kwanta tsakanin ɗigon biyu, kuma duk inda layi ya kwanta, bambancin haske yana raguwa a wurin, ninkin riga ya zama shafal. In abin ya yi yawa, cire ɗigo na biyun, ka cika Layer Mask da baƙi, ka shafa fari da buroshi mai laushi a fuska da wuya da hannaye kaɗai. Kada ka manta hannaye, fuska mai haske da hannu mai duhu nan take ake gane an taɓa.

Saura abu biyu da za ka duba kafin ka rufe. Koma Histogram ka zaɓi Red, domin a fata ja ne ke fara ƙonewa, sau da yawa tun Luminosity yana nuna lafiya lau. Sheƙin goshin nan da ke 150 yanzu ya kai wajen 175, jansa bai kusa bango ba, don haka mun tsira. In kuma ka ga fatar ta yi ja fiye da kima bayan ɗagawar, mayar da Blend Mode zuwa Luminosity, sai haske ya canza launi ya tsaya.

Daga 65 zuwa 90 hoto yana ɗauka. Da kuncin ya ba mu 30, da ban ce ka ja shi ba, domin tsakuwa-tsakuwa za ta fito a inuwar fuska, Histogram kuma ya tsattsage kamar haƙoran mataji, musamman in JPEG ne ba RAW ba. Irin wannan sai dai a sake ɗauka, a ƙara wa fuskar fitila. Naka bai kai can ba. Rage hasken allonka ya zo kusa da na farar takarda a hannunka, ka buga ƙaramin gwaji ɗaya, ka kawo mini mu duba shi a bakin taga.