"Ya zo" ko "sun zo"?

"Malam, ɗana ya rubuta 'Ɗaya daga cikin direbobin Kejetia sun zo', malaminsu na unguwar Aboabo a nan Kumasi ya ja masa jan biro. Ba direbobi ne kusa da aikatau ba?"

Hajiya, malamin ya yi daidai. A Hausa kalmar "zo" ba ta canjawa, lamirin da ke gabanta ne ke canjawa: ya, ta, sun. Shi kuwa lamiri mai aikin yake bi, ko da an jera sunaye goma a tsakaninsu. Wa ya zo? Mutum ɗaya. Saboda haka "ya zo".

Ki sa yaron ya rufe "daga cikin direbobin Kejetia" da yatsa, ya karanta saura. "Ɗaya sun zo" ba ya shiga kunne, da kansa zai gyara. Haka "motar 'yan kasuwa ta iso", mota ce ta iso. Mu nan Zango mun saba cewa "mota ya iso", wannan zancen jinsi ne, daban yake, amma a takarda "ta" ake so.

Ban da jam'i, inda "sun" ke halatta shi ne sunan taro, kamar "jama'a sun watse", da girmamawa, kamar "Malam sun fito". Jimlar ɗanki ba ta cikin waɗannan biyun.