Kafin ki rubuta maƙala, duba waɗanda suka riga ki zama a shafin farko

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa masu sana'a maƙaloli a shafukansu na intanet, daga nan Arkilla a Sakkwato. Wani mai haɗa sola ya ba ni aikin maƙala shida, yana so su fito a Google. Na zaɓi kalmomin da suka fi yawan masu nema, amma wata huɗu ke nan ko ɗaya ba ta leƙo shafin farko ba. Yaya ake zaɓen kalmar da za ta hau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yawan masu neman kalma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ki duba. Abu biyu ne ke gabansa: me mai binciken yake so ya gani, kuma su wane ne suka riga suka cika shafin farko. Duka biyun da idonki za ki gane su, ba sai kin biya kuɗin wata manhaja ba.

Fara da tattara kalmomi daga bakin mai aikin. Ki tambaye shi abin da masu saye suka fi tambayarsa a shago da kuma ta waya. Za ki ji irin su: wace inbata ce za ta ɗauki firji da fanka huɗu, me ya sa batir ke saurin mutuwa lokacin bazara, nawa ne kuɗin haɗawa gaba ɗaya. Kowace tambaya ki fara rubuta ta a akwatin Google, ki kwafe abin da ya ƙarasa miki da kansa, sannan ki duba `People also ask` da jerin da ke ƙasan shafi. Kalma ashirin zuwa talatin sun isa ki fara tacewa.

A wajen tacewar ne aikin yake. Ɗauki kalmomi uku, ki rubuta kowacce a `Incognito`, wato tagar burauza ta sirri, ki karanta sakamako goma na farko.

Ta ɗaya, `solar inverter price in Nigeria`. Irin wannan ce ke jan hankali saboda masu nemanta suna da yawa. Amma idan kika tarar manyan kasuwannin intanet da shafukan jera kaya sun mamaye wurin, Google ya riga ya gaya miki cewa mai wannan binciken kaya da farashi yake son gani, ba dogon bayani ba. Ga shi kuma shafuka ne da suka daɗe, wasu shafuka masu yawa suna nuni zuwa gare su. Sabon shafin mai sola ba zai ture su ba, komai kyan rubutunki. Ki bar ta.

Ta biyu, `solar installation in Sokoto`. Wannan ta fi kusa da aljihun mai aikin, domin wanda ya rubuta ta ya kusa biya. Sai dai a irin wannan bincike Google kan ɗora taswira da sunayen shaguna a sama. Shiga wannan wurin aikin `Google Business Profile` ne, da adireshi da lambar waya da sharhin waɗanda aka yi wa aiki. Abin da ya dace da kalmar shi ne shafin da ke bayyana hidimar shagon da unguwannin da yake zuwa, Mabera ce ko Runjin Sambo ko har Wamakko. Ki gaya masa haka tun da wuri, kada ya ɗora wa maƙala alhakin da ba nata ba.

Ta uku, `how many solar panels for 3.5kVA inverter`. Masu nemanta ba su kai na farkon ba, amma tambaya ce da maƙala ke amsawa. Idan kika ga a cikin goman akwai hirar dandali, ko tsohon rubutu na shekarun baya, ko ƙananan shafuka biyu zuwa uku masu kama da na mai aikinki, to akwai ƙofa. Ki buɗe uku na sama, ki lura da abin da suka bari. Sau da yawa ba su yi maganar ƙurar hunturu da ke rufe fanel ba, ko yadda zafi irin na Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ke rage ƙarfin fanel da kwanan batir. Mai haɗa sola a nan ya san waɗannan da hannunsa, kuma su ne za su bambanta maƙalarki. Ki karɓi lissafin daga gare shi, kada ki kwaso na wasu.

Sai bayan haka ki koma kan alƙaluma. `Keyword Planner`, mai nuna yawan masu neman kalma, kyauta ne a cikin `Google Ads`, amma ga wanda ba ya kashe kuɗin talla, tazara yake nunawa kamar `10–100` ko `100–1K`, ba takamaiman adadi ba. Ki tabbatar kin sa wurin a Nijeriya. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne layin `Competition`: gasar masu biyan talla yake aunawa, don haka `Low` ba ya nufin hawa zai yi sauƙi. Shi kuwa `Google Trends`, lambarsa ta 0 zuwa 100 kwatance ce kawai, amfaninsa shi ne gane lokacin da nema ke tashi. Idan ya nuna miki neman sola na ƙaruwa da shigowar zafi, ki wallafa tun Disamba ko Janairu, domin sabon shafi kan ɗauki watanni kafin ya zauna.

Game da Hausa, kada rashin lamba ya hana ki. Manhajojin nan sukan nuna babu komai a kan kalmomin Hausa alhali mutane na nema, kuma masu rubutu a kai kaɗan ne. Ki gwada yadda mutane ke bugawa a waya: ba sa sa lanƙwasa, suna cakuɗa harshe biyu, kuma `Sokoto` suka fi rubutawa. `farashin solar a Sokoto` ya fi kama da abin da ɗan kasuwa zai buga. Ni dai ina ganin maƙala ɗaya ko biyu cikin shida sun cancanci a yi su da Hausa.

Maƙalolin da kika riga kika rubuta ba su tashi a banza ba. Ki nemi mai aikin ya ba ki izinin shiga `Search Console`, manhajar Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, ki buɗe `Performance`, ki kunna `Average position`, ki duba `Queries`. Duk kalmar da ke tsakanin matsayi na 8 da na 20 kuma tana samun `Impressions`, wato adadin bayyanar shafin a sakamakon bincike, Google ya fara yarda da shafin a kanta. Ƙara mata sashe mai cikakkiyar amsa ya fi sabuwar maƙala saurin tasiri. Idan kuma kika ga shafuka biyu suna fitowa a kan kalma ɗaya, suna musayar matsayi, kishiyoyin juna suka zama: ki haɗe su wuri guda, ki karkatar da adireshin ɗayan zuwa wanda ya rage. Idan babu `Impressions` ko kaɗan, sa adireshin a `URL Inspection` ki ga ko Google ya ma shigar da shafin.

Wajen rubutu, kowace maƙala ta riƙe tambaya ɗaya da 'yan uwanta na kusa. Kalmar ta fito a take, wanda bai kamata ya wuce haruffa 60 da yawa ba don kada a datse shi, ta fito a sakin layi na farko tare da amsar kai tsaye, sannan a ƙaramin take ɗaya. Maimaita ta sau ashirin ba ya ƙara komai, haka ma cika `meta keywords`, wurin jera kalmomi a ɓoye cikin shafi, wanda Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya aiki da shi wajen jera sakamako. Ki sa mahaɗi daga maƙalar zuwa shafin hidimar shagon, domin wanda ya gama lissafin fanel ya san inda zai kira.

Lokacin miƙa aiki, ki haɗa da ɗan jadawali: kalmar da kika nufa, dalilin zaɓenta, da waɗanda ke saman shafin a ranar. Kada ki yi alkawarin matsayi na ɗaya, domin saurin shafin da ƙarfinsa ba a hannunki suke ba. Ku yi yarjejeniyar sake duba `Search Console` tare bayan wata uku, ku gyara bisa abin da ya nuna.